Yadda Ake Neman Hanyar Aiki ta Bakin Mutane, da Yadda Ake Taƙaita Labarin Kai

Mafi yawan waɗanda aiki ya kuɓuce musu, ko suke son barin wata sana'a su koma wata, magana ɗaya suke zagayawa da ita a majalisa da wajen ɗaurin aure da cikin waya, wato a taimaka a tuna da su idan an ji labarin wani aiki. Wanda aka faɗa wa zai ce in sha Allahu da zuciya ɗaya, amma da wuya ya iya yin wani abu, domin ba a gaya masa irin aikin da ake nema ba, ba a kuma ba shi wata magana da zai iya faɗa wa wani ba. Aikin da ake samu ta bakin mutane yawanci a bayan idon mai nema ake yanke shawararsa, lokacin da wani manaja ya ce yana buƙatar mutum, wani kuma ya ce ya san wanda zai iya. Saboda haka abin da kake shiryawa shi ne gajeren labarin da wani zai iya ɗauka ya maimaita daidai a inda ba ka nan, sannan ka isar da shi ga mutanen da suke shiga wuraren da kai ba ka shiga.

Domin bayanin ya zauna, za mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ɗauka akwai wani malamin lissafi a Kano wanda ya shekara 6 yana koyarwa a makarantar sakandare mai zaman kanta, makarantar ta rage ma'aikata, shi kuma yana son komawa aikin kula da sito da lissafin kaya a ɗaya daga cikin kamfanonin sarrafa shinkafa ko na hatsi.

Mataki na farko: sanya wa aikin suna

Kafin ka kira kowa, zauna ka rubuta aikin da kake nema a cikin jimla ɗaya wadda ta ƙunshi irin aikin, da irin wurin, da garin da za ka iya zama. Mutane suna tsoron yin haka domin suna ganin kamar sun rufe wa kansu sauran ƙofofi, amma wanda ya ce kowane aiki ne zai yi ba ya faɗo wa kowa a rai idan gurbi ya samu, alhali wanda ya ce yana neman aikin sito a kamfanin shinkafa ko na hatsi a Kano da kewaye, shi za a tuna ranar da aka ji wani mai kula da sito ya ajiye aiki. Idan kana da buri biyu, kamar aikin sito da aikin akanta, ka shirya wa kowanne nasa labarin, kuma kada ka haɗa su a gaban mutum ɗaya.

Mataki na biyu: gina labarin

Nan ne ya kamata a daɗe, domin duk sauran matakan a kansa suke tafiya. Labarin ba ya wuce rabin minti zuwa daƙiƙa 40 idan aka faɗe shi cikin natsuwa, wanda ya yi daidai da jimla huɗu ko biyar. Yana da gaɓa uku: abin da ka yi a baya, hujja ɗaya tak da ke nuna ka iya wani abu da sabon aikin yake buƙata, sai kuma abin da kake nema yanzu.

Ga yadda malamin nan zai fara faɗa idan bai shirya ba. Zai ce ya gama jami'a a shekara kaza, ya yi bautar ƙasa a jiha kaza, ya nemi aikin gwamnati bai samu ba, ya shiga koyarwa don rashin abin yi, albashin ba ya isa, ga iyali, ga haya, yanzu kuma an sallame su ba tare da haƙƙi ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma mai saurare zai tashi da tausayi kawai, kuma idan ya je gaban mai kamfani ba shi da abin faɗa sai cewa akwai wani bawan Allah da yake cikin matsi. Babu mai miƙa wa mutum makullin sito saboda yana cikin matsi.

Ga kuma labarin bayan an gyara shi:

"Na shekara 6 ina koyar da lissafi a sakandare. A shekaru 3 na ƙarshe ni ne nake riƙe da lissafin littattafai da kayan makaranta na ɗalibai wajen 400, ina shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita a Excel, kuma duk ƙarshen zango lissafina yana dacewa da abin da ke cikin sito. Makarantar ta rage ma'aikata a bana. Yanzu ina neman aikin kula da sito a kamfanin shinkafa ko na hatsi, kuma ina son in yi magana da wanda yake wannan aikin domin in san abin da ya rage mini in koya."

A lura cewa bai ce shi mai gaskiya ne ko mai ƙwazo ba. Ya kawo aikin da ya yi da adadinsa, ya bar mai saurare ya yanke hukunci da kansa. Wannan ne maganin kunyar da take hana da yawa daga cikinmu magana a kan kanmu, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma haka ne, amma ba da rahoton abin da ya faru ba yabon kai ba ne. Wanda ya ce ya riƙe lissafin kayan ɗalibai 400 bai cika baki ba, ya faɗi abin da shugaban makarantar zai iya tabbatarwa idan aka kira shi. Ƙarfin gwiwar da ake nema daga nan yake zuwa, wato daga sanin cewa kowace jimla da ka furta tana da mai shaida.

Zaɓen hujjar shi ne abin da ya fi ba mai sauya sana'a wahala, domin yakan ɗauko abin da ya fi alfahari da shi a tsohon aikinsa, ba abin da sabon aikin yake buƙata ba. Malamin nan wataƙila abin da ya fi so ya faɗa shi ne yawan ɗalibansa da suka ci lissafi a jarrabawar gama sakandare, amma wannan ba ya amsa tambayar da ke ran mai kamfanin shinkafa, wanda damuwarsa ita ce ko buhunan da aka rubuta su ne buhunan da ke ƙasa. Hanyar gano hujjar da ta dace ita ce ka rubuta duk ayyukan da ka taɓa riƙewa, har da ƙananan da aka ɗora maka ba tare da ƙarin albashi ba, irin su riƙe kuɗin ƙungiya, ko tsara jadawali, ko karɓar kaya daga 'yan kwangila, sannan ka ɗauki wanda ya fi kama da aikin yau da kullum na inda kake son zuwa.

Game da dalilin barin aiki, jimla ɗaya ta isa, ta gaskiya, wadda babu zagin kowa a cikinta. An rage ma'aikata, kwantiragi ya ƙare, na bar aiki domin jinyar mahaifiyata kuma yanzu na dawo, duk waɗannan amsoshi ne cikakku, kuma da zarar ka faɗa sai ka wuce zuwa abin da kake nema. Kada ka ɓoye cewa ba ka aiki a yanzu, domin gari ƙarami ne komai girmansa, kuma idan wanda ya gabatar da kai ya ji gaskiyar daga wani baki, ya daina kai sunanka ko'ina. Kada kuma ka aibata tsohon ubangidanka ko da shi ne da laifi, saboda mai saurare zai lissafa cewa wata rana shi ma haka za ka yi da shi. Idan zaman ya yi tsawo, ka faɗi abin da kake yi a cikinsa, ko da taimaka wa wani ɗan'uwa ne da lissafin shagonsa.

Bayan ka rubuta, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Idan ka wuce daƙiƙa 40, akwai abin cirewa, kuma galibi tarihin makarantu ne. Gwajin da ya fi wannan shi ne ka faɗa wa wani na gida sau ɗaya, washegari ka tambaye shi abin da ya riƙe. Idan ya iya faɗin aikin da kake nema da hujjarka, labarin ya nuna. Idan abin da ya riƙe shi ne an sallame ka, sai ka sake lale. Kada ka haddace shi kamar karatun allo, ka riƙe gaɓoɓin uku kawai, kuma ka shirya shi da Hausa da Turanci, domin ba ka san da wanne za a tare ka ba.

Mataki na uku: fitar da sunayen mutane

Abin da mutum yake fara yi shi ne ya tunkari 'yan'uwansa da aminansa, sai kuma babban mutum ɗaya da dangi suke taƙama da shi. Duka biyun suna da iyaka. Na kusa da kai suna ƙaunarka, amma labarin da suke ji shi ne wanda kai ma kake ji, tun da majalisarku ɗaya. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Mark Granovetter ya wallafa bincike a 1973 wanda ya nuna cewa daga cikin mutanen da suka samu aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ta hannun wanda suke gani jefi-jefi ne suka samu, ba ta hannun wanda suke tare kullum ba, saboda irin wannan mutum yana yawo a wata da'ira dabam, yana jin abin da ba ya zuwa kunnenka. Babban mutum kuwa, ƙofarsa cike take da masu irin buƙatarka, kuma da wuya ya san cewa wani kamfani yana neman mai kula da sito, domin irin wannan labari a bakin ma'aikatan wurin yake.

Saboda haka ka rubuta sunaye 20 zuwa 30 na mutanen da suka san ka amma ba ku cika haɗuwa ba: abokan karatu da ke cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare, tsofaffin abokan aiki da suka koma wasu wurare, maƙwabtan da kuke haɗuwa a masallaci, abokan cinikin da ka taɓa yi wa hidima. Malamin da muke misali da shi yana da wata taska da bai lura da ita ba, wato iyayen ɗalibansa, waɗanda a cikinsu zai yi wuya a rasa mai harka a kasuwar hatsi ta Dawanau, ko mai aiki a masana'antun Sharaɗa, Bompai ko Challawa, ko mai sayen shinkafa daga manoman Kura. Daga cikin sunayen sai ka ware biyar da suka fi kusa da sana'ar da kake nema, ka fara da su. Wanda yake neman aikin da ke da ƙungiyar ƙwararru, kamar ICAN da ANAN ga akantoci ko NSE ga injiniyoyi, ya nemi taron reshen garinsa ya halarta, haka kuma bajekolin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suke shiryawa a Kano da Kaduna wuri ne da ake samun ma'aikatan kamfanoni a tsaye suna jiran mai yi musu magana.

Mataki na huɗu: tuntuɓar farko

Ƙa'idar wannan mataki ita ce kada ka nemi aiki a wurin mutumin, ka nemi abin da yake da ikon bayarwa nan take, wato ɗan lokaci da bayani. Idan ka ce ya sama maka aiki, ka ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba, kuma daga ranar zai fara gudun kiranka saboda kunya. Saƙon ya zama guda ɗaya cikakke, ba sallama kaɗai da za ka aika ka zauna jiran amsa ba. Ga misali:

"Assalamu alaikum, Alhaji, barka da aiki. Ni ne malamin lissafin da ya koyar da yaronka a aji uku. Na bar koyarwa, ina shirin komawa aikin kula da sito a harkar hatsi, kuma na san ka daɗe a wannan harka. Idan Alhaji zai ba ni minti 15 a lokacin da ya fi masa sauƙi, ina da 'yan tambayoyi a kan yadda aikin yake. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Idan mutumin ya girme ka sosai ko yana da matsayi, ya fi kyau wani da ya san ku duka ya fara yi maka iso, ko ka je ka gaishe shi ido da ido. Lokaci ma yana da muhimmanci. A wajen ɗaurin aure ko suna za ka iya gaisawa, ka faɗi labarinka idan an tambaye ka inda kake yanzu, ka karɓi lamba, amma ba nan ake zaro takardu ba, a wajen ta'aziyya kuwa gaisuwa kawai ake yi a tafi. Mace mai neman aiki tana da irin waɗannan hanyoyi ta ƙawayen makaranta da taron biki da Islamiyya, kuma idan ganawa ta kama da wanda ba ta sani ba, ta sa a yi ta a ofis a lokacin aiki, ko ta waya.

Mataki na biyar: ganawar kanta

Bayan gaisuwa yadda ta kamata, ka faɗi labarinka sau ɗaya, sannan ka yi shiru ka bar mutumin ya yi magana. Ka zo da tambayoyi uku ko huɗu waɗanda mai aikin ne kaɗai zai iya amsawa. Malamin zai tambayi yadda ake karɓar kaya daga mota zuwa sito, wane ne yake sa hannu a takardar awo, yadda ake rubuta bambancin da ake samu tsakanin nauyin shinkafa lokacin da aka saye ta da ɗan danshi da nauyinta bayan ta bushe, da kuma lokacin shekara da kamfanoni suka fi ɗaukar ƙarin hannu, wanda a harkar hatsi yakan zo da kaka. Amsoshin za su koya masa kalmomin sana'ar, kuma a ganawa ta gaba zai yi magana kamar wanda ya taɓa leƙa sito, ba kamar malamin da ya gaji da alli ba.

Idan minti 15 ya cika, kai ne za ka fara nuna cewa lokaci ya yi, shi kuma in ya so ya tsawaita. Kafin ka tashi ka yi tambayar da ta fi kowace amfani: "Alhaji, akwai wanda kake ganin ya kamata in je in gaisar a kan wannan magana, kuma ka yarda in ce kai ne ka turo ni?" Suna ɗaya ya wadatar. Ka riƙe takardar tarihin karatu da aikinka mai shafi ɗaya a waya, amma kada ka miƙa ta sai an nema.

Mataki na shida: bibiya da lura da inda ake samun cikas

Ka tura godiya a ranar ko washegari, ka ambaci abu ɗaya da ka ƙaru da shi. Idan ka ga wanda aka tura ka wurinsa, ka koma ka gaya wa na farko yadda kuka yi, domin wannan ne yake sa ya ji ya saka hannu a al'amarinka, ya ci gaba da tuna ka. Wanda bai amsa saƙo ba, ka sake taɓa shi bayan mako biyu, idan ya sake yin shiru ka ƙyale shi ba tare da riƙo ba. Ka ajiye ɗan littafi da kake rubuta sunan kowa, ranar da kuka yi magana, abin da ya ce, da wanda ya tura ka wurinsa.

Wannan littafi ne zai nuna maka inda matsalar take bayan ka yi magana da mutum goma. Idan mutane ba sa amsa saƙonka, akwai alamar yana kama da roƙon aiki ko na kuɗi, sai ka gyara shi. Idan suna ganinka amma babu mai ba ka suna, labarinka bai fito da abin da kake nema ba, ko kuma ƙorafi ya yi masa yawa har suna tsoron tura ka wurin mutanensu. Idan kuma ana tura ka gaba amma mutum uku sun faɗi abu ɗaya, misali cewa ba ka taɓa aiki da sikeli da takardun karɓar kaya ba, to gyaran magana ba zai magance wannan ba. Abin da malamin zai yi a nan shi ne ya roƙi ɗaya daga cikin waɗanda ya gana da su ya bar shi ya riƙa zuwa yana taya mai kula da sito aiki na mako uku ko huɗu a lokacin kaka, tare da yarjejeniya bayyananniya a kan ranar farawa da ranar gamawa, domin kada abin ya zama aikin kyauta marar iyaka. Daga nan hujjar da ke cikin labarinsa za ta sauya daga littattafan makaranta zuwa buhunan da ya ƙirga da hannunsa, kuma zai samu mutum na cikin sana'ar da zai shaide shi.

Akwai irin hanyar da ya kamata ka janye daga gare ta da zarar ka gane ta, wato wadda ake cewa ka kawo kuɗi domin a saya maka gurbi, ko kuɗin fom da za a tura asusun wani mutum, ko a nemi lambar BVN ɗinka da lambar sirrin da banki ya turo maka da sunan za a buɗe maka asusun albashi. Alamominta su ne gaggawa, da cewa kada ka gaya wa kowa, da ƙin yarda a haɗu a ofishin da aka ce aikin yake. Ko da ta bakin wanda ka sani labarin ya zo, ka tambaye shi ko shi da kansa ya san wanda ya fara aiki ta wannan hanya yana karɓar albashi, sannan ka je ma'aikatar da ƙafarka ka tambaya ko da gaske suna ɗaukar ma'aikata, kafin ka ba da kwabo ko ka miƙa takardunka na asali.